Rasit ta SMS a na'urar biyan kuɗi: abin da na gani bayan wata goma a shagona

Shagona na fenti da kayan famfo yana Garwa, kusa da babbar kasuwa. Na'urar karɓar kuɗi da kati, wadda takardun banki ke kira TPE, abokan cinikinmu 'yan Yola da Mubi kuma ke ce wa POS, ta shigo hannuna wata goma da suka wuce. Abin da ya ja ni ga wannan samfurin shi ne tana iya tura wa mai saye rasit ta SMS ko ta imel. Duk wanda ya yi bazara a Garwa ya san halin takardar tike: zafi ne ke rubuta ta, zafi ne kuma ke cinye ta. Direba ya ajiye ta a gaban mota a watan Afrilu, kafin sati ta yi baƙi ƙirin ko ta koɗe, sai ya dawo muna ta ɗaga ta sama muna neman lamba.

A taƙaice na gamsu da ita, amma sai da wata Juma'a ta koya mini abin da rasit ɗin yake faɗi da abin da ba ya faɗi.

Ranar 14 ga Maris 2025 ce, cikin azumi, bayan la'asar. Wani Alhaji ɗan kwangila da muka daɗe tare ya ɗauki kaya na sefa 87,500. Yarona ya sa kati, Alhaji ya danna lambar sirri, na'ura ta yi ta juyi, can ta rubuto cewa ciniki bai yiwu ba. Kafin mu ce uffan wayar Alhaji ta yi ƙara: bankinsa ya ce an cire jaka 87 da rabi. Yaron ya sake gwadawa tun ban hana shi ba, wannan karon ta karɓa, ya sa lambar wayar Alhaji, rasit ya shigo. Sai ga saƙo na biyu daga banki. Saƙon cire kuɗi biyu ke nan, rasit ɗaya.

"Malam, sau biyu kuka ci ni fa," in ji shi. Da dariya ya faɗa, amma dariyar mai azumi.

"Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, ba ni wayar in gani."

Ga abin da ke cikin rasit ɗin, na cire sunan shago kawai:

```
PAIEMENT ACCEPTE
87500 XAF 14/03/25 16:42
CARTE ****4821
AUTO 3F7K92
RRN 507316004518
TID 10004417
```

A ranar layi biyu na farko kaɗai na iya karantawa. Sauran sai da ma'aikacin kamfanin da ya kawo na'urar ya zo washegari, ya zauna a kan bokitin fenti ya warware mini su. TID sunan na'urar ne, lamba takwas, kuma ba ya canzawa. In kana da na'ura biyu a shago, shi zai nuna wadda aka yi cinikin a kanta. Lambar kati an rufe ta da taurari an bar huɗun ƙarshe, domin ƙa'idar kamfanonin kati ta hana a bayyana ta gaba ɗaya a rasit ɗin mai saye. AUTO kuwa ita ce zuciyar abin. Haruffa shida ne, kuma ba na'urata ce ke ƙirƙirar su ba, daga bankin mai katin suke fitowa a matsayin shaidar cewa ya amince. RRN lamba 12 ce da ke bin cinikin duk inda ya bi, ita ma'aikacin banki zai nema in ka kai ƙara. A tamu na'urar ana iya karanta ta: 5 ƙarshen shekarar 2025, 073 rana ta 73 a shekara, wato 14 ga Maris, 16 ƙarfe huɗu na yamma, sai 004518, lambar jerin cinikin da na'ura ke ƙara ɗaya a kai kowane karo. Ya ce ba kowane banki ke jera ta haka ba, kada in je ina yi wa maƙwabta fassara.

Abin da ya fi buɗe mini ido shi ne tafiya biyu ake yi, ba ɗaya ba. Ni a zatona na'urar ce ke rubuta SMS da layin da ke cikinta kamar yadda nake yi da wayata. Ashe a'a.

Tafiyar farko ta kuɗi ce. Da an sa kati, ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare da ke jikinsa yana haɗa adadin kuɗin da kwanan wata da wasu bayanai ya fitar da wata lambar hatimi da ba ta maimaituwa. Na'ura ta ɗauki wannan, ta haɗa da TID da lambar jeri da 950, wadda ita ce lambar sefa ta ƙasashenmu a tsarin bankuna, ta aika wa bankina. Daga nan saƙon ya bi ta GIMAC, cibiyar da ke haɗa bankunan ƙasashen CEMAC shida, ko ta hanyar Visa ko Mastercard gwargwadon katin, har ya kai bankin mai saye. Amsa ta dawo ta hanyar da ta bi, ɗauke da lamba biyu: 00 an amince, 51 kuɗi bai isa ba, 55 lambar sirri ba daidai ba. In 00 ce, da ita AUTO ke zuwa.

Sai bayan wannan ta kammala tafiya ta biyu ke farawa. Na'ura ta tattara bayanan nan, waɗanda dama su za ta buga a takarda, ta tambayi lambar waya ko adireshin imel, ta miƙa duka ga babbar kwamfutar kamfanin ta intanet. Can ake zuba su cikin tsararren rubutu, a ba kamfanin tura saƙonni, shi kuma ya kai wa layin mai saye. Shi ya sa saƙon ke zuwa da suna a sama maimakon lambar waya, shi ya sa kuma ba a iya ba shi amsa. Saƙon da bankin Alhaji ya turo masa kuwa wani abu ne na uku, daga wani gida daban. Bankinsa yana faɗin abin da ya yi ne a asusun, bai san ko amsarsa ta iso kantina ba.

To a gwajin farko abin da ya faru ke nan. Tambaya ta je, banki ya amince ya riƙe kuɗin ya tura wa Alhaji saƙo, amma rezo ya yanke kafin amsa ta dawo. Na'ura ta jira har lokacin da aka ɗibar mata ya cika, ta ɗauki cinikin a matsayin wanda bai yiwu ba, ta shirya saƙon sokewa ta ajiye, ta aika shi da hanya ta buɗe, kafin gwaji na biyu. Tunda AUTO bai shigo hannunta ba, ba ta da abin da za ta rubuta rasit ɗin amincewa da shi. Washegarin ni da ma'aikacin muka buɗe `Journal`, wato rajistar ciniki da ke cikin na'urar, ga su a jere: 004517 an soke, ƙarfe 16:39, sai 004518 an karɓa, 16:42. Na rubuta wa Alhaji RRN na farkon a bayan katin shago, 507316004517, na ce in kuɗin bai dawo ba ya kai wannan lambar bankinsa, kada ya tsaya ba su labari. Ranar Talata ya kira ni ya ce sun dawo da kansu.

Da ban san wannan ba, da na ciro jaka 87 da rabi daga aljihun tebur na ba shi don kunya, shi kuma banki ya mayar masa da nasa.

Juyin abin ma yana faruwa, kuma ya fi yawa. Kuɗi ya wuce lafiya, allo ya nuna an karɓa, amma SMS ya ƙi zuwa, ko ya zo bayan isha'i. Rashin zuwan saƙon ba ya nufin ba a biya ba, tafiya ta biyu ce ta maƙale. Sau da yawa ma laifin yatsa ne. Lambobinmu tara ne masu farawa da 6, yaro ya juya biyu daga ciki, rasit ya tafi wayar wani bawan Allah a Duwala. Na'urar ba ta da hanyar sanin lambar ta mai katin ce, abin da aka danna shi take bi. Yanzu miƙa wa mai saye nake yi ya danna da kansa. Wani direba ɗan Njamena kuwa sai da muka gane dole a goge 237 ta Kamaru da ke fitowa da kanta a sa 235 ta Chadi, sannan nasa ya shiga. Wannan ƙaramin abu ya kamata a ce allon ya nuna shi sarai, ba sai mutum ya lalubo ba.

Kan bambancin SMS da imel: saƙon SMS guda haruffa 160 yake ɗauka, in aka sa harafi irin ƙ ko ɗ ya koma 70, don haka komai a matse yake, har sunan shagona guntule shi aka yi. Na imel ya fi cika. Akwai cikakken adireshi, da lambar ɗan kasuwa, da bayanin ko sa katin aka yi ko ɗora shi, da wata doguwar lamba mai suna AID da ke nuna irin katin, misali `A0000000031010` na Visa ne. Amma cikin masu sayen kayana goma da ƙyar ɗaya ke ba da imel, galibi ma'aikatan ƙungiyoyin agaji masu kai lissafi ofis.

Su ne ma suka nuna mini babban gibin abin. Rasit ɗin nan shaidar biya ce, ba faktir ba ce. Na'urata ba ta haɗe da kwamfutar kaya, saboda haka ba ta san fenti aka saya ko bututu ba, jimla kawai ta sani. Babu jerin kaya, babu NIU ɗina na haraji, babu TVA ta kashi 19.25 a ware. Akawun wata ƙungiya ya dawo da shi ya ce ba zai shiga littafinsa ba, dole na koma ga littafin faktir da hatimi. Wanda ya sayar mini da na'urar ya ce "ka huta da takarda", ban huta ba, rabi na rage.

Wani gargaɗi ga 'yan'uwa masu shago: kada ka saki kaya don an nuna maka saƙo a waya. Layi shidan can na sama kowa zai iya rubuta irinsu ya tura wa kansa. An gwada wa yarona haka da magariba ana sauri, saƙon ya yi kyau, sai dai TID ɗin ba namu ba ne, kuma babu cinikin a `Journal`. Abin da ke cikin na'ura da jimlar da take aika wa banki a rufin dare shi ne hujjata, rasit na mai saye ne.

Abin da nake so kamfanin ya gyara biyu ne, kuma na faɗa wa ma'aikacinsu. Na ɗaya, a riƙa tura saƙo ko da ciniki bai yiwu ba, da RRN ɗinsa, don a yanzu wanda ya fi buƙatar lambar shi ne ba ya samun komai. Na biyu, `Duplicata` tana sake buga takarda amma ba ta sake tura SMS in an wuce ranar. Har su gyara, ƙullin takarda mai faɗin milimita 57 yana nan cikin aljihun tebur, a inuwa, kuma duk cinikin da ya haura jaka hamsin ina buga tike in haɗa da saƙon.