Injin ƙara ƙarfin ruwa mai rabin doki: yana aiki, amma sai da ya jiƙa ɗakin ɗan hayata

Gidana a Kano hawa uku ne, ni da iyalina muna na ƙarshe, 'yan haya a ƙasa. Tankinmu mai lita 2000 yana kan rufin dakali, tsakanin gindinsa da kan shawarmu bai kai mita 2 ba. Wannan tazarar ita ce duk ƙarfin ruwan da muke da shi, shi ya sa shawa take zuba kamar bakin buta, alhali na ƙasa, da tanki ya fi su tsayi da mita 9, ruwansu har feshi yake yi.

Da na je sayen injin ƙara ƙarfin ruwa, mai shago ya so ya tura mini mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, na ƙi. Banɗaki biyu da kicin ɗaya nake son gyarawa, kuma shawa biyu a buɗe lokaci guda ba su wuce lita 20 a minti. A jikin mai rabin dokin an rubuta Hmax 35 m da Qmax 35 l/min, wato iyakar tsayin da yake iya tura ruwa mita 35 ne, iyakar ruwan da yake bayarwa kuma lita 35 a minti. Lambobin nan biyu ba sa haɗuwa: mita 35 ɗin sai an rufe duk famfuna, lita 35 ɗin kuma sai in babu tsayin da zai tura. A lita 20 yana ba da wajen mita 15, wato bar ɗaya da rabi a agogonsa, kuma wannan ya ishi shawa. Na saye shi haɗe da otomatik ɗinsa, mai tada shi in an buɗe famfo ya kashe in an rufe.

Mai gyaran famfo na farko shi ya ja mana bala'i. Ya ɗaura injin a kan babban bututun da ke saukowa daga tanki, wanda ke ba gidan gaba ɗaya. Na yi masa magana, ya ce, "Alhaji, bar shi haka, kowa ya amfana." Da safe in kowa ya buɗe famfo, ruwan sai ya gangara ƙasa, mu na sama muna nan jiya-i-yau. Da dare kuma in an rufe komai, injin ya matse bututu har iyakar ƙarfinsa kafin ya tsaya. Mita 35 ɗinsa ga mita 9 na tanki, hawan ƙasa na ɗauke da fiye da bar 4, a kan tsofaffin tiyo da ba su taɓa ganin ko bar ɗaya cikakke ba.

Cikin dare tiyon ƙarƙashin wurin wanke hannu na ɗan hayata ya fashe. Otomatik bai san bambancin fashewa da buɗe famfo ba, ya ga ruwa na tafiya ya ci gaba da turawa. Awa ɗaya da 'yan mintuna sun ishe shi ya juye tankin. Bawan Allah ya farka katifa ta sha ruwa, kafet na iyo, littattafan 'ya'yansa na Islamiyya da ke ƙasa sun manne da juna. Har yau in na tuna yadda matarsa ke kwashe ruwa da faranti kafin asuba raina ɓaci yake yi. Abu ɗaya na yaba: da tanki ya ƙare otomatik ya kashe injin da kansa, bai ƙone ba.

Wani mai gyaran ya zo ya raba layin. Ya fitar da bututu mai inci ɗaya daga tanki na hawan sama kaɗai, ya zaunar da injin kusa da tankin, ƙasa da mafitarsa, don ruwa ya riƙa shigarsa da kansa ba sai ya zuƙo ba. Ya kuma yi masa layin kewaye mai bawul ɗin da ba ya barin ruwa ya koma baya, saboda in an ɗauke wuta mu samu ko ɗan abin da tanki ke bayarwa. Na ƙasa suka koma yadda suke. Yanzu shawa biyu na zuba sosai, alhamdu lillahi.

Sai dai ba zan ce a ruga a saya ba. Ƙararsa siririya ce mai shiga kunne, kuma saman ɗakin kwananmu yake, sai da aka sa masa roba a ƙasa ta ɗan ragu. In tankin masai yana ɗan yoyo, zai yi ta tashi yana mutuwa dare farai, don ba shi da tulun iskar da ke riƙe matsi. Da muka dawo daga hutun Sallah kuwa gunji kawai yake yi ba ya juyawa, fankar cikinsa ta cije, sai da aka sa sukuddireba ta baya aka murɗa sandar. Kuɗin katifa da kafet da na biya sun kusa kuɗin injin, mai gyaran farko kuma ya daina ɗaga wayata.