Agogon rikodin ko lokacin da mai kira ya faɗa?

"Salamu alaikum. An yi gobara a shagon yayana a Tudun Wada. Maƙwabcinsa ne ya buga waya ya nemi agaji, wayarsa kuma ta ɗauki maganar, an rubuta mana ita a takarda. Kwamitin 'yan kasuwa na son a jera abin da ya faru daki-daki. In bi lambobin da ke gefen takardar ne, ko in bi lokutan da shi mai kiran ya ambata?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye na gaba.

Abu biyun nan ba aiki ɗaya suke yi ba. Lambobin gefe, irin su 00:02:15, suna nuna lokacin da aka furta magana, ana ƙirgawa daga farkon ɗauka. Bakin mai kira kuwa yana ba ka lokacin da yake ganin abin ya faru. Na farko ba ya mantuwa, amma bai san komai ba kafin a ɗaga waya. Na biyu ya ga farkon lamarin, sai dai mutum ne a gigice.

Ga misali. A ce jerin kiran da ke wayar maƙwabcin ya nuna 18:12. A 00:00:40 ya ce hayaƙi ya fara "kamar minti goma da suka wuce". A 00:02:15 aka ji ƙara, ya ce "tukunyar gas ta fashe". Sai a 00:03:05 ya tuna ya ce, "ai tun da aka kawo wuta muka ji ƙauri".

In ka bi lambobin gefe kawai, za ka jera hayaƙi, fashewa, sannan ƙauri. Ka ga ka juya labarin ke nan, domin ƙaurin da ya zo ƙarshe a baki shi ne na farko a aukuwa, wataƙila ma shi ne zai nuna wa kwamiti inda wutar ta taso. Amma ga abin da ya faru ana cikin waya, babu kamar agogon. Ka haɗa 18:12 da minti biyu da daƙiƙa 15. Jerin kira yawanci minti yake nunawa, ba ya nuna daƙiƙa, saboda haka fashewar tana tsakanin 18:14:15 da 18:15:14. Ka rubuta tazarar yadda take, kada ka zaɓi ɗaya don takarda ta yi kyau.

In kuma bakin mai kira ka bi, sai ka yi hattara da "ɗazu", "yanzu-yanzu" da "minti goma". Minti goman wanda ke kallon wuta na iya zama uku, na iya zama ashirin. Ni nakan rubuta "wajen 18:02, a cewar mai kira", in bar shi a haka har sai wani abu daga waje ya tabbatar. "Bayan la'asar" ma ba ta ɗaure komai, tunda masallatan unguwa ɗaya ba sa tayar da salla tare. Kiran magariba ya fi ta amfani: in ka jiyo shi a bayan murya a 00:04:30, ka tambayi ladanin lokacin da ya kira ranar, ka gwada da 18:16 ko 18:17 da lissafinka ya bayar. Lokacin kawo wuta kuwa, a nemi masu shagunan layin, a tambaye su ɗaya-ɗaya, ba a cikin taro ba.

Akwai wani tarko da takarda ke ɓoyewa, ya taɓa kama ni. "Ta fashe" a rubuce kalma biyu ce, a baki kuwa magana biyu ce. Akwai wadda ke nufin an riga an yi, akwai kuma ta gargaɗi, irin "ku matsa, ta fashe fa!", wato tana iya fashewa. Karin sauti ne ya raba su, boko kuma ba ya rubuta shi. Na taɓa sa fashewa minti uku kafin lokacinta saboda wannan, sai da na sa abin ji a kunne na gane mutumin jan kunnen yara yake yi. Duk layin da za ka ɗora hukunci a kansa, ka koma ka saurare shi.

Kafin ka fara lissafi, ka gwada tsawon rikodin da tsawon kiran da waya ta nuna. In kiran minti shida ne, rikodin biyar, to an makara wajen ɗauka ko an yanke wani wuri, kuma 00:00:00 ba lallai ya zama 18:12 ba. In kuma ka ga fayil ɗin na ɗauke da 17:12, kada ka ce an yi maguɗi. Wasu na'urori da UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, suke rubutu, agogon Najeriya kuma yana gabansa da awa ɗaya.

Ni dai agogon nake mayarwa ginshiƙi, in rataya maganar mai kira a jikinsa. Ka ja layi huɗu a takarda: lokaci, abin da ya faru, lambar gefen da aka faɗe shi, sai ko an ji shi a rikodin ko ba da labarinsa aka yi. Ƙaurin nan ka sa shi a sama, ka rubuta 00:03:05 a gefensa, gurbin lokacinsa kuma ka bar shi babu komai har a samo lokacin da aka kawo wutar.