Kuɗin makarantar yaro a Ingila: kati ko tiransifa?

"Salamu alaikum jama'a. Ɗana ya samu gurbin digiri na biyu a Ingila, makarantar ta ce a biya fam 6,000 na farko ta shafin biyan kuɗinta kafin ta ba shi CAS, wato shaidar gurbin karatu da zai nemi biza da ita. Shafin ya nuna mana biya da kati da kuma tiransifa ta banki. Ina da asusun dala da katinsa. Wanne ya fi? Wa'adin saura kwana goma sha biyu."

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya albarka a karatun yaro. Ka yi tiransifa, kuma ka yi shi a farkon makon nan, kada ka bari ya kai Juma'a.

Ni na biya wa ƙanwata a 2024, kusan daidai wannan adadin, kuma na taɓa hanyoyin biyu. Bari in fara da abin da ke kan allon nan da yaro ya nuna maka, don a nan ake yi wa mutane da yawa wayo ba tare da an yi musu ƙarya ba. Jami'o'in Ingila da yawa ba su karɓar kuɗin ƙasashen waje da hannunsu, suna ɗora aikin a kan kamfanoni irin su Flywire ko Convera. Kai ka biya kamfanin, shi ya miƙa wa makaranta fam ɗinta cif. Idan ka zaɓi ƙasar da kake biya daga cikinta ka rubuta adadin fam, sai ya jero maka hanyoyi, kowace da farashinta. Sau da yawa ba za ka ga wani layi da aka rubuta caji a kansa ba, domin ribarsu tana cikin canjin.

Saboda haka ka ɗauki kalkuleta. Ranar da na yi nawa, fam 6,000 ta tiransifa ya kama dala 7,740, ta kati kuma dala 7,950. Ka raba kowanne da 6,000. Na farko ya ba ni fam ɗaya a kan dala 1.29, na biyu ya haura 1.32, alhali a kasuwa ranar fam yana wajen 1.27. Wato ko a tiransifar ma sun ci nasu, amma tsakanin hanyoyin biyu akwai dala 210, kuɗin cefanen yarinya na makonni a can. Dalilin bambancin kuwa shi ne duk cinikin da aka yi da Visa ko Mastercard akwai kason da ake cira daga hannun mai karɓa, shi kuma mai karɓar ya dawo da shi kanka. Kaso ne cikin ɗari, don haka yana girma da girman kuɗin. Cajin tura kuɗi ta banki kuwa bai hauhawa haka. Ni abin da bankina ya cira duka bai kai dala 50 ba. Naka lissafin zai sha bamban da nawa, amma ka yi rabon nan kafin ka danna komai.

Ga yadda tiransifar ta kasance mini. Mun shiga shafin ta cikin asusun ɗalibar na makaranta, ba ta wani adireshi da aka turo a WhatsApp ba. Akwai wurin bayanin ɗalibi, inda aka sa lambarta ta makaranta, akwai kuma wurin bayanin mai biya, inda na sa sunana kamar yadda yake a asusuna na banki. Wannan wurin ka kula da shi Alhaji. Yara sukan cike shi da sunansu don sauri, sai kuɗi ya fito daga asusun uba, sunaye su saɓa, a tsayar da kuɗin a ce a kawo shaidar dangantaka da katin shaida. Idan daga asusunka kuɗin zai fita, kai ne mai biya.

Da muka gama sai shafin ya fitar da takardar umarni mai ɗauke da sunan asusun da za a tura wa, lambarsa, lambar SWIFT ta bankin, adadin dala har da santi, da wata lamba ta musamman ta wannan biyan kaɗai. Gabana ya faɗi da na ga sunan mai karɓa ba na jami'ar ba ne, na kamfanin ne. Haka abin yake, ba damfara ba ce, matuƙar daga shafin makaranta ka shiga. Amma wannan ne ya sa lambar nan ta musamman ta zama ran abin gaba ɗaya. Asusun nan kuɗin dubban ɗalibai ne ke faɗawa cikinsa, kuma da lambar ce kawai ake gane wanne ne na ɗanka. Na buga takardar na kai banki da kaina, na zauna gaban ma'aikaciyar har ta rubuta lambar a gurbin bayanin biya, na karanta mata harafi bayan harafi. Ta so ta rubuta "kuɗin makaranta" kawai na ce a'a.

Farashin da ke kan takardar yana da wa'adi. A Convera awa 72 ne, sauran kuma suna rubuta ranar ƙarewa a jikin takardar. Shi ya sa na ce ka guji Juma'a: idan ka cike takarda ranar Alhamis da yamma, banki ya ce sai an duba, Asabar da Lahadi za su cinye maka lokacin. Idan wa'adin ya wuce ba ka tura ba, ka koma shafin ka buɗe sabon biya ka karɓi sabuwar lamba. Kada ka yi amfani da tsohuwar takarda, kuma kashi na biyu na kuɗin makaranta in ya zo, shi ma sabuwar lamba yake so.

Na tura ranar Talata da safe. Kafin in tashi na nemi su ba ni MT103, wato takardar shaidar SWIFT, wadda da ita ake bin sawun kuɗi idan ya maƙale a hanya. Rasit ɗin cirar kuɗi daga asusunka ba ya wannan aikin. Ranar Alhamis saƙo ya shigo wayata cewa kamfanin ya karɓa, Litinin ƙanwata ta kira ni tana dariya ta ce ya bayyana a asusunta na makaranta. Mahaifiyarmu, wadda ta kwana uku tana tambayata "kuɗin nan dai bai ɓata ba ko?", ranar ta yi barci. A Flywire za ka ga matakan a kan allo, idan ya nuna Guaranteed sun karɓa sun tantance, idan ya nuna Delivered ya isa makaranta. Bayan nan ma ofishin kuɗi na makarantar yakan ɗauki kwana biyu ko uku kafin ya sa a lissafin ɗalibi, sannan masu CAS su gani. Kwana goma sha biyu sun isa, in an fara yanzu.

Kuskure ɗaya na yi, kuma nawa ne. A fom ɗin banki akwai wurin da ake zaɓar wanda zai ɗauki cajin hanya: OUR, wato mai turawa, SHA, wato a raba, ko BEN, wato mai karɓa. Ban kula ba aka bar shi a SHA. Dala daga Najeriya ba ta tafiya kai tsaye, takan bi ta wani banki na tsakiya, shi kuma ya gutsiri nasa daga cikin kuɗin. Dala 25 ta yi ciwon kai a hanya, makaranta ta nuna ana bin yarinya wajen fam 19. Kuɗin ba yawa, amma na'urar makaranta ba ta san "ai kusan duka ne" ba, abin da ta sani shi ne bai cika ba. Ka zaɓi OUR, a cire cajin daga wurinka, kuɗin ya tafi da cikarsa.

Fam 19 ɗin nan da kati na cike shi, cikin minti biyu. Amfanin kati ke nan a wurina: ƙaramin kuɗi da gaggawa. Na taɓa gwada shi da babban kuɗi tun farko, bankin ya ƙi saboda ya wuce iyakar da aka sa wa katin a rana, wadda ban ma san da ita ba, na sake gwadawa lambar OTP ta zo a makare, aka riƙe kuɗin a asusuna kusan mako guda ba su tafi ba, ba su kuma dawo hannuna ba. Idan dole ta sa sai kati, ka kira banki tukuna su ɗaga iyakar, kuma ka zaɓi biya da dala tunda katin na dala ne. In ka zaɓi fam, bankinka ne zai yi canjin da nasa farashin. Katin naira kuwa kada ma ka ɗauko shi sai ka tambayi bankinka iyakar da ya sa masa a waje.

Wani zai ce maka Form A, wato fom ɗin neman kuɗin waje ta banki a canjin gwamnati. Kafin Yunin 2023, lokacin da canjin gwamnati ya yi nisa da na kasuwa, ya cancanci a jure jiransa. Yanzu tazarar ta ragu sosai, ga shi kana da dalarka a hannu, ga wa'adi a wuya. Bar shi sai kashi na biyu idan kana so ka gwada.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, domin da zarar an ji yaro ya samu gurbi za su fara kiransa. Akwai masu cewa ka ba su naira su biya maka fam 6,000 da rangwamen kashi 10 ko 20, har su ce kada ka ba su ko kwabo sai ka ga kuɗin ya shiga. Kuma zai shiga ɗin, yaro zai buɗe asusunsa ya ga an biya, kai kuma ka saki naira da farin ciki. Da katin sata suka biya. Bayan makonni mai katin ya kai ƙara bankinsa, a janye kuɗin, makaranta ta dawo da bashin kan ɗanka, har ta kira shi ya yi bayanin yadda katin wani baƙo ya biya masa karatu. Jami'o'in Ingila da yawa suna gargaɗin ɗalibansu a kan wannan. Wani lokacin mai kawo tayin ɗalibi ne ɗan uwansa da ke can, wanda shi ma bai san abin da yake dillanci ba. Makaranta ba ta ba wani ɗan tsakiya rangwame, to daga ina nasa ya fito? Kada yaro ya ba kowa lambobin shiga asusunsa na makaranta, kuma duk imel ɗin da ya zo yana cewa an canza asusun biya, a kira ofishin kuɗi na makarantar ta lambar da ke shafinta kafin a motsa.

Akwai kuma dalilin da ya sa nake son kuɗin ya fita daga asusunka kai tsaye. Idan, Allah ya kiyaye, ba a samu biza ba kuma makaranta ta yarda ta mayar da kuɗin, inda ya fito take mayar da shi. In ta hannun wani ɗan canji ya bi, can zai koma, sai ka shiga bin bashi.

Ku zauna da yaro daren Litinin ku cike shafin da sunanka a gurbin mai biya, Talata da safe ka kai takardar banki, ka tabbatar da lambar da OUR, ka karɓi MT103 ka tura masa hotonta ya ajiye.