Wakilin kuɗin waya ko reshen banki: wa ke riƙe da ajiyarka?

Mutane da yawa suna cewa sun ajiye kuɗi a wurin wakili, wanda wasu ke kira ejan. Maganar ba daidai ba ce, kuma gyara ta shi ne rabin zaɓin da za ka yi. Wakili ba ya ajiye kuɗin kowa. Musaya yake yi: ka ba shi tsaba, shi kuma ya tura maka daidai adadinta daga nasa asusun zuwa naka. Da zarar adadin ya shiga asusunka, tsabar ta zama tasa, kuɗinka kuwa suna cikin lissafin kamfanin ko bankin da yake wakilta. Ko gobe ya rufe shago ya bar gari, ajiyarka tana nan.

Haka tsarin yake tun da M-Pesa, wata hidimar kuɗin waya, ta fara aiki a Kenya a 2007, kuma yawancin kamfanonin da suka biyo baya a kansa suka gina nasu. Doka kan tilasta wa kamfani ya ajiye kuɗi na gaske a asusun amana a banki, daidai da jimillar abin da ke cikin wayoyin jama'a, kuma ba a yarda ya yi kasuwancinsa da su ba.

Daga wannan musayar ne iyakar wakili ta farko ta fito. A ce ya buɗe da safe da tsaba 200,000 a aljihun tebur, da 300,000 a asusunsa. Wata tela ta zo ta saka 250,000. Yanzu tsabarsa ta kai 450,000, asusunsa ya koma 50,000. Wanda ya biyo bayanta da 100,000 zai saka, sai a ce masa babu hali, alhali ga kuɗi nan jibge a gaban wakilin. Ba wulaƙanci ba ne, abin da zai tura masa ne ya ƙare. Idan kuma masu cirewa suka yi yawa, sai lamarin ya juye: asusu ya cika, aljihun tebur ya bushe. Dole ya je banki ko wurin babban dillalinsa ya daidaita ɓangarorin biyu. Shi ya sa "babu kuɗi" da "babu sabis" ba abu ɗaya ba ne, ko da yake wasu wakilan sukan fake da na biyun don kada a ga jarinsu ƙarami ne.

Mu koma kan telar. A ce ta shekara tana tarawa har ta kai 600,000, za ta sayi keken ɗinki da kayan aiki, mai kayan kuma ya ce tsaba yake so. Wakilin unguwa zai iya cewa 150,000 kawai yake da su. Ta zagaya wurin mutum huɗu, kowanne ya cire ladansa, ga hatsarin yawo da kuɗi a jaka. Kafin ma a zo nan, akwai iyakar asusun kansa. Asusun da aka buɗe da lambar waya da suna kawai yana matakin ƙasa, akwai adadin da ba zai wuce ba a rana, da adadin da ba zai riƙe fiye da shi ba. Sai an kai katin shaida, wani lokaci da shaidar adireshi, ake ɗaga shi. A reshen banki kuwa layi ɗaya za ta bi ta karɓi kuɗinta gaba ɗaya, in kuma adadin ya yi yawa sosai a ce ta sanar da su tun jajibiri.

Inda wakili ya fi banki ba a ɓoye yake ba. Yana kusa, yana buɗewa da yamma da ranakun hutu, ba ya sa ka cike takarda. Mai tara ƙananan kuɗi kullum, in ya ce sai ya je reshe, kuɗin mota da wunin da zai ɓata za su cinye amfanin tarin. A yawancin tsare-tsaren kuɗin waya sakawa kyauta ce, kamfani ne ke biyan wakili kamasho, cirewa ce ake caja. Sai dai a tambaya, domin ba ko'ina ake bin wannan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da aka samu matsala. An cire maka kuɗi amma na'ura ta ce ba ta biya ba, ko ka tura wa lambar da ba ita ba, ko an kulle asusu saboda ka kuskure lambar sirri sau uku. Wakili ba shi da maɓallin gyara ko ɗaya daga cikinsu. Ba ya ganin cikin asusunka, ba ya iya dawo da kuɗin da suka fita. Iyakarsa ya ba ka rasit ya nuna maka lambar da za ka kira. Masu kama rigarsa suna rigima da wanda ba shi da iko ne kawai. Abin da ke aiki shi ne lambar cinikin da ke kan rasit ko cikin saƙo, da rana da lokaci. Da su ake shigar da koke, a reshe ko a ofishin kamfani, a ba ka lambar koken da za ka riƙa bibiya. Haka nan takardar bayanin asusu mai hatimi, wadda ake nema wajen rance ko biza, da canjin suna, da fitar da kuɗin mamaci ga magada, duk aikin ofis ne.

Sai batun ƙaruwa da kariya. Kuɗin da ke zaune a asusun waya galibi ba sa haifar komai, ko da yake Gana ta fara raba wa masu asusun waya kuɗin ruwan asusun amana a 2016. Ajiyar da ake kullewa na wata uku ko shida, ko asusun da ba na ruwa ba ga mai gudun riba, kayan banki ne. Wasu ana buɗe su ta waya, kamar M-Shwari da aka ƙaddamar a Kenya a 2012, amma banki ne ke riƙe da kuɗin a bayan fage. Inshorar ajiya ma haka take. Idan banki ya durƙushe, hukuma tana biyan kowane mai ajiya har zuwa wani adadi. A wasu ƙasashe kariyar tana ratsawa ta asusun amana ta kai ga kowane mai asusun waya, a wasu kuma ba ta kaiwa. Don haka tambayi wakili wa yake wakilta, banki ko kamfanin kuɗin waya, sannan ka duba sunan a jerin masu lasisi na babban bankin ƙasarka.

Akwai hali ɗaya da duk wannan kariyar ba ta shafe ka ba. Ka miƙa tsaba, wakili ya ce sabis ya ɗauke, bar su zai saka anjima, ya rubuta sunanka a littafi. A wannan lokacin ba ajiya ka yi ba, bashi ka ba mutum, kuma babu kamfanin da ya san da zamansa. Kada ka bar teburin sai ka duba ragowar asusunka da kanka, domin saƙon bogi ma ana turawa. Lambar sirri kuwa kai za ka danna da hannunka, ko da wakilin ɗan uwanka ne.

Da ni ce telar, zan riƙa saka na kullum ta hannun wakili, in bar na cefanen mako biyu a waya, sauran in tura shi asusun banki duk ƙarshen wata. Zan kuma je reshe tun ba a buƙata, in tabbatar sunan da ke kan asusun ya yi daidai da na katin shaidata, in rubuta wanda za a tuntuɓa idan ta Allah ta kasance.