Allon ces mai haruffa a gefe da littafin rubuta wasa: abin da na gani bayan na koyar da yara da su

Kayan da nake magana a kansu uku ne a jaka ɗaya: allon ces na leda wanda ake naɗewa kamar tabarma, 'ya'yan wasa na roba, da littafin rubuta wasa da aka liƙa masa 'yar takardar bayani a bangon ciki. Na saye su ne saboda yaran unguwarmu da ke taruwa a zaurena da yamma sun iya tura 'ya'yan wasa, amma idan aka tashi babu wanda zai iya faɗin yadda aka yi aka cinye shi. Shi ya sa ban damu da kyan kaya ba. Abin da nake so in gani shi ne ko ɗan koyo zai iya karatu da rubutun ces da su. Amsata ita ce zai iya, sai dai allon ya fi takardar bayanin iya koyarwa nesa ba kusa ba.

Allon ne ya fi burge ni. A gefe biyu an buga ƙananan haruffa daga a zuwa h, a sauran gefe biyun kuma lambobi daga 1 zuwa 8, manya, yadda yaro zai hango su ba sai ya sunkuya ba. Kowane gida a cikin gidaje 64 sunansa harafi ne da lamba, harafin yana gaba: e4, c6, h8. Da allo marar haruffa nakan ɓata lokaci ina ƙirga gidaje da yatsa, amma da wannan sai yaron ya bi harafi ya haura, ya bi lamba ya ratsa, inda suka haɗu nan ne gidan.

Akwai abu ɗaya da za a kiyaye tun wajen shimfiɗawa. An saba cewa farin gida ya kasance a kusurwar hannun dama, kuma gaskiya ne, amma wannan bai isa ba a allo mai haruffa. Idan ka juya allon gaba ya koma baya, farin gida yana nan a hannun dama, alhali Fari ya zauna a layi na 7 da na 8. Duk abin da aka rubuta a haka zai fito a birkice. Abin dubawa shi ne Fari ya jera a layi na 1 da na 2, sarauniyarsa a d1, sarkinsa a e1. Mai riƙe da Baƙi kuma ya san cewa a wajensa harafin a yana hannun dama ne, lambobi kuma suna raguwa yayin da yake gaba. Yawancin kurakuran da na gani a takardun yaran daga masu riƙe da Baƙi suke fitowa: yaro ya tura soja f5 ya rubuta c5, ko ya ajiye doki a f6 ya rubuta f3, domin ya ƙirga daga gabansa.

Takardar bayanin ta kawo haruffan 'ya'yan wasa daidai. K sarki ne, Q sarauniya, R ruk, B bishof, N doki. Soja ba shi da harafi, gidan da ya sauka kawai ake rubutawa, saboda haka e4 na nufin soja ya je e4, Nf3 kuma doki ya je f3. Ta kawo x na ci, + na cek, wato an kai wa sarki hari, # na cekmet, wato sarki ya rasa mafita, da alamomin kasilin guda biyu, tafiyar da sarki da ruk ke yi tare. Iyakarta ke nan, jeri ne na alamomi babu misali ko ɗaya. Yaro zai haddace jerin nan tsaf, ka miƙa masa rubutaccen wasa ya tsaya cak a tafiya ta huɗu.

Abin da ya cike mini giɓin shi ne bin wasa guda daga farko har ƙarshe a kan allon. Na zaɓi wanda Paul Morphy ya buga a Paris a 1858, a gidan opera, shi da Fari, abokan karawarsa biyu suna shawara tare da Baƙi, Duke na Brunswick da Count Isouard. Tafiya 17 ce kacal, kuma kusan duk alamar da ɗan koyo ke buƙata tana ciki.

```
1. e4 e5 2. Nf3 d6 3. d4 Bg4 4. dxe5 Bxf3
5. Qxf3 dxe5 6. Bc4 Nf6 7. Qb3 Qe7 8. Nc3 c6
9. Bg5 b5 10. Nxb5 cxb5 11. Bxb5+ Nbd7
12. O-O-O Rd8 13. Rxd7 Rxd7 14. Rd1 Qe6
15. Bxd7+ Nxd7 16. Qb8+ Nxb8 17. Rd8#
```

Kowace lamba tana ɗauke da tafiya biyu, ta Fari sannan ta Baƙi. Wuri na farko da yara ke tuntuɓe shi ne 4. dxe5. Tunda soja ba shi da harafi, idan ya ci sai a fara da harafin layin da ya baro. Sojan da ke layin d ne ya ci abin da ke e5. Ba a rubuta sunan abin da aka ci, allo ne zai nuna maka. Nan take Baƙi ya amsa da Bxf3, bishof ya ci abin da ke f3, wato dokin Fari.

A nan ne nake dagewa kan babban harafi da ƙarami, abin da takardar ba ta ce komai a kai ba. Dubi 10... cxb5 da 11. Bxb5+. Na farko ƙaramin c ne, soja daga layin c. Na biyu babban B ne, bishof. Harafin b shi ne mai haɗari, domin yana cikin sunayen layuka, babbansa kuma sunan bishof ne. A wani wasan bxc3 soja ne ya ci, Bxc3 kuma bishof ne, kuma sau da yawa dukansu biyu suna yiwuwa a lokaci guda. Yaron da hannunsa bai bambanta b da B ba, shi kansa ba zai iya karanta takardarsa gobe ba. Ɗigo uku da na sa bayan lamba 10 kuma suna nuna cewa tafiyar Baƙi ake nufi.

Tafiyar da ta fi koyar da su ita ce 11... Nbd7. Bishof ya yi cek daga b5, Baƙi zai tare da doki a d7, amma dawakansa biyu duk suna iya zuwa can, na b8 da na f6. Da an rubuta Nd7 kawai, mai karatu ba zai san wanne ba. Shi ya sa aka cusa ƙaramin b a tsakiya, dokin da ke layin b. Idan 'ya'yan biyu suna layin harafi ɗaya, lamba ake sawa, kamar R1d2. Na bar wani yaro ya ɗauki dokin f6 don ya ga abin da zai biyo baya. Da ya zo 12... Rd8 sai ruk ɗin a8 ya kasa wucewa, domin dokin b8 yana nan ya tare hanya. Ya ɗago kai ya ce, "Malam, littafin ya yi kuskure." Na ce masa ya koma baya tafiya ɗaya ya sake karanta haruffan a hankali, kuma da kansa ya gano b ɗin. Haka ake gane kuskure a wannan karatu: idan tafiyar da aka rubuta ta ƙi yiwuwa a allo, galibi ɓarnar tana baya, ba a inda ka tsaya ba.

Kasilin tafiya ce guda da ke motsa 'ya'ya biyu. Sarki ya yi gida biyu zuwa wajen ruk, ruk ya tsallake shi ya zauna a gefensa. O-O na ɓangaren sarki ne, sarkin Fari ya koma g1, ruk ya koma f1. O-O-O na ɓangaren sarauniya ne, sarki a c1, ruk a d1. Ina ce wa yaran su ƙirga gidajen da ruk ya yi: biyu a gajeren, uku a dogon, daidai da yawan da'irorin. Wanda ya karanta 12. O-O-O a matsayin gajere zai sami ruk ɗinsa a f1, kuma 13. Rxd7 ba za ta yiwu ba. A dokokin FIDE, hukumar ces ta duniya, da sifili ake rubuta shi, 0-0 da 0-0-0, haka ma yake a takardar bayanin, amma tsarin PGN da kwamfuta ke karantawa babban harafin O yake amfani da shi. A takarda babu wanda zai damu. Idan za ka kwafe wasanka zuwa allon nazari na Lichess ko wata manhaja, yi amfani da harafin, ya fi tabbas.

Ƙarshen wasan ba ya ba su wahala. 16. Qb8+ sarauniya ta yi cek, doki ya cinye ta, 17. Rd8# wasa ya ƙare, a rubuta 1-0. Da Baƙi ne ya yi nasara 0-1 za a sa, canjaras kuma ½-½. Abubuwa biyu da wannan wasa bai nuna ba na ƙara musu da biro a bangon littafin: sojan da ya kai ƙarshen allo ya zama sarauniya, e8Q ko e8=Q, da cin soja a kan wucewa, wato soja ya ci sojan da ya yi gida biyu a tafiya ɗaya ya tsaya a gefensa, wanda ake rubuta gidan da mai cin ya sauka, kamar exd6, wani lokaci a bi shi da e.p.

Wanda ke karanta littattafan ces na Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ya lura cewa haruffan sun bambanta. A can R sarki ne, D sarauniya, T ruk, F bishof, C doki. Dokokin FIDE sun yarda ɗan wasa ya yi amfani da haruffan harshen ƙasarsa, saboda haka Rd1 na iya zama ruk a wata takarda, sarki a wata. Sunayen gidaje da alamomin ci da cek ba sa canzawa.

Littafin rubuta wasan kansa madalla, da sauran gyara. Kowane shafi yana da wurin suna, kwanan wata da sakamako, da layuka masu lamba, Fari a hagu Baƙi a dama, kuma wannan tsari yana hana yaro tsallake tafiya ba tare da ya lura ba. Matsalarsa gurbin rubutun ya yi ƙanƙanta. Nf3 na shiga, amma Nbxd7+ a hannun ɗan firamare sai ta kutsa gurbin Baƙi. Takardar kuma siririya ce, biro mai yawan tawada yana ɓullowa ta baya, don haka fensir ko busasshen biro ya fi. Na kuma hana su rubuta tafiya kafin su buga ta, domin a gasa dokar FIDE ita ce a buga sannan a rubuta, gara su saba tun yanzu.

Allon yana da nasa aibin: idan aka naɗe shi fuskar gidajen tana ciki, gefunansa kan tashi sama su ture sojoji. A naɗe shi fuskar tana waje. Sannan haruffan gefen da na yaba suna iya zama sandar dogarawa, domin ba kowane allo ke da su ba. Idan yaro ya fara rubutu ba gargada, nakan rufe gefunan da tsinken takarda in kira gida, shi kuma ya ɗora yatsa, sau ɗaya daga kujerar Fari, sau ɗaya daga ta Baƙi.

Ga mai koyar da yara ko mai koyo shi kaɗai, kayan sun cancanci kuɗinsu saboda allon. Kafin ka biya, ka sa mai shago ya warware shi ka duba cewa a1 baƙin gida ne kuma h1 fari, ka kuma buɗe littafin ka gwada rubuta Nbxd7+ a gurbi ɗaya ka ga ko zai ɗauka.