Yadda masu sayar da man shafawa suke rubuta bayanin kayansu a nan Turai

Ƙanwata, na ga hoton mayukan da kika fara sayarwa. Kwalaben sun yi kyau, sai dai "yana gyara fata, a tambayi kuɗi ta akwatin saƙo" ba zai sayar miki da kaya a garin da ba a san ki ba. Wadda ke nesa ba ta iya shinshinawa, ba ta iya lakuta ta murza a bayan hannu, rubutunki kawai take da shi.

A nan Turai doka ce a jera sinadaran mai daga wanda ya fi yawa zuwa ƙasa, sai waɗanda ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, su kam a kowane jeri. Shi ya sa masu saye suke fara duba ukun farko. In ruwa ne a gaba, sau da yawa mai ne sakakke da fata ke shanyewa nan da nan. In man kaɗe ne, sun san mai kauri ne, na busasshiyar fata. Ki yi haka, ki ƙara da ko akwai turare a ciki, domin akwai waɗanda yake sa wa ƙaiƙayi. Kan kwalba kuma za ki ga zanen buɗaɗɗen murfi da 12M, wato a yi amfani da shi cikin wata 12 bayan buɗewa. Wannan ma a rubuta.

Ga yadda zan sa naki: "Man jiki mai kauri, mililita 200, don busasshiyar fata. Man kaɗe da man kwakwa, babu turare. Ana shafawa bayan wanka. Ba na fuska mai maiƙo ba ne. Yana iya narkewa a hanya in ana zafi, ya sake daskarewa, bai lalace ba." Jimlar ƙarshen nan ita za ta raba ki da rigimar wadda ta buɗe kwali ta ga ruwa-ruwa ta ce an yi mata algus. Kalmar "yana warkar da" kuwa ki bar ta, ta masu magani ce.

Jerin farashinsu ya fi burge ni. Kowane layi suna, girma, kuɗi, sannan kuɗin mililita 100. A ce babbar kwalba mai 200 ta ninka ƙarama mai 50 sau uku a kuɗi. Ai sau huɗu ta ninka ta a yawa, kuma mai saye ba ta ganin wannan rangwamen sai an nuna mata. Kuɗin aikawa layinsa daban, gari-gari, da kwanakin da kaya ke yi a hanya, da wanda zai ɗauki asara in kwalba ta fashe. Ki sa kwanan wata a saman jerin, don hoton tsohon farashi yana daɗewa yana yawo a wayoyin mutane.

Ki turo mini sabon in duba kafin ki saki.