An buga mini mota: yadda muka ƙare da kamfanin inshora

Shekara 4 ina biyan cikakkiyar inshora ban taɓa neman komai ba, sai ranar da wani ya fito daga kwana ya daki gaban motata ta hagu. Alhamdu lillahi, ba wanda ya ji rauni.

Kafin a matsar da motocin na ɗauki hotuna. Na fara daga nesa, yadda mahaɗar da motocin biyu suka fito a hoto ɗaya, sannan na matso na ɗauki ɓarnar, da lambar motarsa, da takardar inshorarsa. Hoton nesan nan shi ya cece ni, domin washegari mutumin ya sauya magana, ya ce ni na shigo masa hannu. Ban yi musu da shi ba, ban kuma amsa laifi ba.

A ranar na kira kamfanin, tunda takardar yarjejeniya ta ƙayyade wa'adin sanarwa. Suka ba ni lambar ƙorafi, suka nemi fom, da lasin tuƙi, da rahoton 'yan sanda, da ƙiyasin gareji. Jami'ar ta ja kunnena: “Alhaji, kada bakanike ya taɓa motar sai mai tantance ɓarna ya gani.” A nan sun burge ni.

Mai tantancewar ya zo bayan kwana 5, kuma wajensa ne kuɗi suka fara zubewa. A ce ƙiyasin bakanike 100 ne. Ya ce bonet gyaruwa zai yi, ba sai an sauya ba, ya rage 12. Tayar da ta fashe ta riga ta ci rabi, don haka rabin kuɗin sabuwa za su biya, 3 suka tafi. Sai kason da mai mota ke ɗauka da kansa a kowane haɗari, wanda nawa ya kama 10. Saura 75. Wannan kaso yana rubuce tun ranar da na sa hannu, ni ne ban karanta ba.

Da aka kwance bamba, sai ga lagireto ya tsage, abin da ba ya ganuwa daga waje. A daidai lokacin suka aiko da takardar sallama, wadda ke cewa na karɓi haƙƙina duka. Da na sa hannu, da kuɗin lagireton sun hau kaina. Na ƙi. Bakanike ya ɗauki hoto ya rubuta ƙarin ƙiyasi, mai tantancewar ya dawo ya amince.

Inda suka gaza shi ne shiru: in ban kira ba, ba mai nemana. Kuɗin sun shigo bayan mako 6, kuma na sabunta inshorar da kamfanin, amma na nemi a rage mini wancan kaso ko da kuɗin shekara zai ƙaru.